Shafin neman tallafi: me ke sa baƙo ya yarda ya tura kuɗinsa ga ƙungiyar da bai sani ba?

Duk lokacin da azumi ya gabato, ko wata masifa ta auka wa wata unguwa, wayoyin mutanen Zariya kan cika da sanarwar neman taimako, kuma ba a daɗewa sai wata muhawarar ta biyo baya: ina kuɗin da aka tara suka tafi, wa ya riƙe su, me ya sa aka ji shiru? Masu ƙungiyoyi suna ƙorafin cewa jama'a sun daina yarda da kowa, masu bayarwa kuma suna cewa an sha cutar su. Abin da ɓangarorin biyu ba su cika lura da shi ba shi ne cewa yawancin rigimar tana farawa tun daga yadda aka tsara shafin neman tallafin, kafin ko kwabo ya shiga asusu. Mutane da yawa sun ɗauka hotuna masu taɓa zuciya, da ayoyi, da lambar asusu, sun wadatar. A ganina shafi nagari shi ne wanda mutumin da bai san ku ba zai iya tabbatar da abubuwa uku da kansa, ba tare da ya dogara da maganarku ba: wane ne ke karɓar kuɗin, ta wace hanya za su shiga, kuma ta yaya zai san abin da aka yi da su.

Domin maganar ta tsaya a ƙasa, mu ƙaddara wata ƙungiyar matasa a Tudun Wada tana so ta haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da sola, kuma ta ƙiyasta aikin a kan naira 5,000,000. Alƙaluman aikin na misali ne kawai, amma matsalolin da za su taso na gaske ne.

Alamomin amana: waɗanda ake iya tantancewa da waɗanda ado ne kawai

Alamar amana ita ce duk wani bayani a shafin da ke rage wa mai bayarwa shakka. Sai dai ba dukansu ke da nauyi ɗaya ba. Tambarin ƙungiya, da hoton shugaba tare da wani babban mutum, da kalmomi irin su gaskiya da riƙon amana, duk ɗan damfara zai iya haɗa su cikin sa'a guda. Haka nan ɗan makullin da ke bayyana kusa da adireshin shafi, da haruffan `https`, abin da suke nufi kawai shi ne ba a iya leƙen bayanan da ke wucewa tsakanin wayarka da shafin. Ba su ce komai ba game da halin mai shafin.

Alamar da ta fi kowacce ƙarfi ita ce daidaiton suna a wurare uku: sunan da ke saman shafin, sunan da ke cikin rajistar hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, wato CAC, da sunan da banki zai nuna idan an shigar da lambar asusu. Ƙungiyoyin da ba na neman riba ba yawanci suna yin rajista ne a matsayin amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, kuma lambar da ake ba su tana ɗauke da haruffan IT. Kafin a amince da rajistar sai an buga sanarwa a jaridu, an kuma jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Hukumar tana da wurin bincike a shafinta inda kowa zai rubuta suna ya ga ko akwai shi. Don haka ƙungiyarmu ta Tudun Wada za ta rubuta cikakken sunanta kamar yadda yake a takardar rajista, harafi da harafi, ta sa lambar a ƙarƙashinsa, sannan ta faɗa wa mai karatu a jimla ɗaya cewa zai iya dubawa da kansa.

Amfanin wannan daidaito yana fitowa ne a ranar da wani ya kwafi sanarwarku, ya goge lambar asusunku ya sa tasa, ya watsa a WhatsApp. Wannan dabara ce mai sauƙi, kuma babu yadda za ku hana ta. Abin da za ku iya shi ne ku koya wa mai bayarwa kariya guda: duk asusun banki a Najeriya yana da lambobi 10, kuma kafin kuɗi su fita, waya tana nuna sunan mai asusun. Shafin ya rubuta a fili, kusa da lambar, cewa sunan da zai fito shi ne kaza, idan wani suna ya fito dabam kada a tura, a kira wannan lamba. Ƙungiyar da ke karɓar kuɗi a asusun mutum ɗaya ta rasa wannan kariya gaba ɗaya, domin ta riga ta saba wa jama'a da tura kuɗi ga sunan da ba na ƙungiya ba.

Bayan suna sai mutane da wuri. A sa sunayen amintattu da muƙamansu, a faɗi cewa kuɗi ba sa fita sai da sa hannun mutum biyu, misali shugaba da ma'aji, a kuma ba da adireshin da za a iya zuwa a tarar da mutum. A gari irin Zariya, inda da wuya ka ambaci unguwa a rasa wanda ke da ɗan uwa a cikinta, wannan ya fi kowane tambari. Ɗan Zazzau da ke aiki a Legas zai kira ƙaninsa a Gyallesu ya ce ya je ya duba filin da aka ce za a haƙa rijiyar. Idan mai unguwa ko limamin masallacin Juma'a ya san da aikin, ana iya ambatarsa, amma sai da izininsa, kuma sai idan zai amsa tambaya in an je masa da ita. Sa sunan babba ba da saninsa ba yana rusa amanar da aka shekara ana ginawa, ranar da wani ya tambaye shi ya ce bai san zancen ba.

Hujjar masu amfani da asusun mutum ɗaya

Akwai masu cewa duk wannan na manyan ƙungiyoyi ne. Rajista tana cin kuɗi da watanni, banki kuma kafin ya buɗe asusun ƙungiya yakan nemi takardar rajista, da bayanan amintattu, sau da yawa har da takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. Maras lafiyan da ke kwance a asibitin koyarwa na Shika ba zai jira duk wannan ba. Hujjar tana da ƙarfi, kuma ba daidai ba ne a ɗauki duk mai amfani da asusunsa a matsayin macuci.

Amma haɗarin ma na gaske ne, har ga mutumin kirki. Kuɗin jama'a suna cakuɗewa da nasa, ta yadda ba zai iya nuna takardar shige da ficen asusun ba sai ya tona sirrin gidansa. Idan asusun na matakin farko ne, wato wanda ake buɗewa da mafi ƙarancin takardu, iyakar abin da zai riƙe naira 300,000 ne, don haka gudummawa za ta fara komawa ko ta maƙale a daidai lokacin da sanarwar ta karɓu. Mafi nauyi kuma, idan Allah ya yi masa rasuwa, banki zai ɗauki kuɗin a matsayin dukiyarsa, sai a shiga maganar magada da takardun kotu a kan abin da tun asali amana ce. Ga taimakon gaggawa na mako ɗaya, ƙaramar ƙungiya za ta iya neman wata mai rajista ta karɓa a madadinta da rubutacciyar yarjejeniya, a kuma bayyana haka a shafin. Ga aikin miliyan 5 da zai ɗauki watanni, ban ga uzurin rashin asusun ƙungiya ba.

Hanyoyin biya da abin da kowacce ke ci

Kuskuren da masu ƙera shafi suka fi yi shi ne su sa biyan kuɗi da kati a gaba, domin haka suka gani a shafukan ƙasashen waje. Mafi yawan masu bayarwa a nan tura kuɗi suka sani, ta manhajar banki, ko OPay da PalmPay da Moniepoint, ko lambobin USSD irin `*737#` da `*966#` ga mai ƙaramar waya, ko kuma su miƙa wa mai POS tsabar kuɗi ya tura. Saboda haka abin da ya kamata ido ya fara gani a waya, ba tare da an ja shafin ƙasa ba, shi ne maƙasudin a jimla ɗaya, adadin da ake nema, sunan banki, lambar asusu da maɓallin kwafe ta, da sunan da zai fito. Lambar ta kasance rubutu ce da ake iya kwafewa, kada a binne ta cikin hoto. Shafin kuma ya zama maras nauyi, domin bidiyon da ke kunna kansa yana cinye datar mutum kafin ya kai ga lambar.

Hanya ta biyu ita ce kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet, irin su Paystack da Flutterwave. Amfaninsu shi ne suna rubuta kowace gudummawa da sunan mai ita, suna aika rasit nan take, suna karɓar katin waje, suna kuma ba da damar cire wani adadi duk wata ga wanda ya amince. Amma suna da caji, kuma yadda cajin yake yana shafar tsarin shafin kansa. A jadawalin da Paystack ya daɗe yana amfani da shi, biyan kuɗi na cikin gida yana cin kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100, ana yafe naira 100 ɗin idan kuɗin bai kai 2,500 ba, kuma cajin ba ya wuce naira 2,000 komai yawan kuɗin. Ma'ana, wanda ya ba da 2,000 an cire masa naira 30 kawai, amma wanda ya ba da 3,000 an cire 145, kusan kashi 5 cikin 100. A kan 5,000 cajin 175 ne, a kan 50,000 kuma 850. Wanda ya san haka, idan zai jera maɓallan adadi, zai sa 1,000 da 2,000, ya tsallake 2,500 da 3,000, ya koma 5,000 da abin da ya fi haka, ya kuma bar gurbin da mutum zai rubuta adadin da yake so. Wajibi ne a duba jadawalin kamfanin a ranar da ake tsara shafin, domin farashi kan sauya.

Akwai wani abu da ke rikita masu bayarwa a nan. Idan mutum ya zaɓi tura kuɗi ta cikin irin waɗannan kamfanoni, sukan ba shi lambar asusu ta wucin gadi, kuma sunan da zai fito yakan haɗa da sunan kamfanin. Tun da kun riga kun gargaɗe shi game da suna, dole ku bayyana masa wannan a wurin, in ba haka ba zai tsorata ya fasa, kuma yana da gaskiya.

Tsabar kuɗi ba za ta ɓace ba, musamman daga dattawa da 'yan kasuwa. A karɓa da littafin rasit mai lambobi a jere, a kai banki kafin a kashe ko sisi daga ciki. Kuɗin da aka karɓa a hannu aka sayi siminti da su kai tsaye ba su da sawu a takardar banki, kuma nan ne lissafi ke fara ɓacewa ko da babu wanda ya ci komai.

Zakka da sadaka ba sa shiga tukunya ɗaya

Shafin da ke neman taimako a tsakanin Musulmi dole ya amsa wata tambaya da tsarin da aka aro daga waje bai san da ita ba: shin ana karɓar zakka? Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade jinsuna takwas da ake ba zakka, kuma mafi yawan malamai suna ganin ba a gina masallaci ko haƙa rijiya da ita. Don haka ƙungiyarmu ta rubuta ƙarara cewa wannan aiki na sadaka ne, kada a turo zakka. Idan kuma tana da wani shiri na tallafa wa matalauta da ke karɓar zakka, ya zama da asusunsa dabam da rahotonsa dabam. Dogaro da abin da mai turawa zai rubuta a gurbin bayani ba ya aiki, domin mutane da yawa ba sa rubuta komai, wanda kuma ya tura ta POS sunan mai POS ɗin ne zai bayyana. Mutumin da ya fitar da zakkarsa ya sauke farilla ne a hannunku, kuma bai kamata ya wayi gari ya tarar an sayi tanki da ita ba.

Rahoto: alƙawari uku da ake yi tun kafin a karɓi kuɗi

Jama'a sun saba ɗaukar rahoto a matsayin abin da ake yi bayan an gama. A gaskiya rabinsa ana rubuta shi ne tun ranar buɗe shafin, domin ba a iya auna aiki sai da abin da aka alkawarta. Abu na farko shi ne kasafi. Maimakon a ce ana neman miliyan 5 don rijiya, a nuna cewa binciken ƙasa zai ci 150,000, haƙa da bututu 1,900,000, famfo da faifan sola 1,500,000, tankuna da ƙarfen ɗora su 850,000, wurin ɗiban ruwa 200,000, gudanarwa da cajin biyan kuɗi 150,000, sai 250,000 da za a ajiye domin gyara. Layuka biyu na ƙarshe su ne ƙungiyoyi ke jin kunyar rubutawa, suna gwammace su ce duk abin da aka bayar zai tafi ga aikin. Wannan magana da wuya ta zama gaskiya, domin man babur da cajin banki dole wani ya biya su, kuma idan ba a rubuta su ba, daga cikin kuɗin siminti za su fita a ɓoye.

Abu na biyu shi ne abin da za a yi idan lissafi bai tafi yadda aka so ba. Ƙasar Zariya tana kan dutse ne, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana taruwa a inda dutsen ya ruɓe ko ya tsage, shi ya sa ake binciken ƙasa kafin haƙa, kuma duk da binciken ana iya haƙawa a sami ruwa kaɗan. Shafin ya faɗi tun farko wanda zai ɗauki asarar, ƙungiya ko mai haƙa, gwargwadon yarjejeniyarsu. Ya faɗi abin da za a yi idan kuɗin da aka tara ba su kai ba a ranar rufewa, ko za a ƙara wa'adi, ko a haƙa a sa famfon hannu har sauran su samu. Ya kuma faɗi inda rarar za ta tafi idan sun wuce. Wanda ya ba da kuɗinsa bayan ya karanta waɗannan sharuɗɗa ya amince da su, amma sauya manufar kuɗi daga baya ba da sanin masu su ba shi ne abin da ke jawo zargi ko da niyyar tana da kyau.

Abu na uku shi ne ranakun rahoto: jimlar da ta shigo duk ranar Juma'a, cikakken lissafi cikin kwana 30 bayan kammala aiki, da wani bayani bayan wata shida.

Yadda gibin naira 42,000 ke zama abin zargi

Mu ƙaddara an cika miliyan 5 ɗin: 3,400,000 ta tura kuɗi kai tsaye, 400,000 tsaba, sai mutum 240 da kowannensu ya ba da 5,000 ta kamfanin karɓar kuɗi, wato 1,200,000. Kamfanin zai cire 175 sau 240, naira 42,000 ke nan, ya tura wa ƙungiya 1,158,000. Ma'aunin kuɗin da aka tara da ke shafin yana nuna 5,000,000, takardar banki tana nuna 4,958,000, kafin ma a zo kan harajin naira 50 da ke kan tura kuɗi daga 10,000 zuwa sama da sauran ƙananan cajin banki. Babu wanda ya ɗauki komai, amma ranar da wani ɗan kwamiti ya ga lambobin biyu ba tare da bayani ba, magana ta fara yawo. Maganin shi ne rahoto ya riƙa nuna lambobi uku a jere: abin da aka bayar, abin da aka cire, abin da ya isa asusu.

Don wannan dalili ne kuma hoton alat ba ya zama shaida. Ana iya ƙirƙirar sa, ana iya tura hoto ɗaya sau biyu, kuma kuɗi kan koma bayan alat ya fita. Ma'aji ba zai ƙara ko naira ɗaya a ma'aunin shafi ba sai ya gan ta a takardar banki, alƙawarin da wani attajiri ya yi a wurin taro kuma a rubuta shi dabam a matsayin alƙawari har sai ya shigo.

Sirrin mai bayarwa, mutuncin mai karɓa, da abin da ake aunawa

Wasu na ganin wannan bayyana komai ya saɓa wa ɓoye sadaka da addini ya kwaɗaitar. Babu karo a tsakani, domin abin da ake bayyanawa kuɗin ne, ba mai su ba. Ana iya jera gudummawa da kwanan wata da adadi da lambar rasit, kowa ya gane tasa, ba tare da suna ba sai ga wanda ya nema. Lambobin waya da aka karɓa don aika rasit ba a sa su cikin wani zaure ko a ba wani, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai tara irin waɗannan bayanai alhakin kiyaye su. Haka nan hotunan waɗanda aka taimaka. Fuskar maraya ko bazawara riƙe da buhun shinkafa tana jawo kuɗi, amma tana zama a intanet shekaru bayan an cinye shinkafar, kuma hoton yaro yana buƙatar izinin iyaye ko waliyyinsa. A aikin rijiya ma ba a buƙatar fuskar kowa: hoton injin haƙa a filin, da rasit ɗin faifan sola, da ruwa na zuba daga famfo, sun fi ƙarfin hujja.

A ƙarshen aiki, ƙungiyoyi kan rubuta cewa dubban mutane sun amfana, alhali adadin mutanen unguwar kawai suka ƙiyasta. Abin da ya fi gaskiya shi ne a auna abin da ake iya ƙirgawa: zurfin rijiyar a mita kamar yadda mai haƙa ya rubuta, girman tankuna a lita, sau nawa suke cika a rana, da gidajen da ke ɗiba bisa ƙirgar da aka yi a bakin famfo na tsawon mako guda. Bayanin wata shida ya fi na ranar buɗewa muhimmanci, musamman idan ya faɗo a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ruwan ƙasa ke ja da baya. A nan ne za a faɗi ko famfon yana aiki, kwana nawa ya tsaya, me ya lalace, nawa aka taɓa daga naira 250,000 ta gyara, da wanda ke riƙe da makullin wurin. Idan famfon ya ƙone a wata na huɗu aka kashe 90,000 wajen gyara shi, a rubuta haka tare da hoton rasit, a nuna cewa saura 160,000, a kuma bar wannan bayani a shafin ko da an buɗe sabon neman tallafi a samansa.